Yadda ake kafa hujja da littafin da ba ka gani da idonka ba

Ɗaliban digiri na biyu da na uku a Madina da Makka da Riyad sukan yi karo da wannan matsala tun a babi na farko na kundinsu. Kana cikin karanta wani littafi na zamani sai ka tarar marubucin ya kawo maganar wani malami na da, kuma maganar ta yi daidai da abin da kake nema. A hashiya ya rubuta sunan littafin asali da juzu'i da shafi. Abu mafi sauƙi shi ne ka kwafe hashiyar nan yadda take ka zuba a taka, kamar kai ne ka buɗe littafin. Wannan kuwa ƙarya ce, ko da kowane harafi na maganar ya zo daidai, domin hashiya shaida ce kake bayarwa cewa ka je wuri kaza ka ga abu kaza. Masu karatun hadisi sun san hukuncin mai ruwayar da ya tsallake wanda ya ji magana daga bakinsa, ya jingina ta kai tsaye ga na sama da lafazin da zai sa a zaci ya ji daga gare shi. Tadlisi ke nan, kuma kundi ma ana yi masa shi.

Mafita ita ce ka faɗi iyakar inda idonka ya kai: magana ta wane ce, amma ni a littafin wane na same ta. A rubutun Larabci ana nuna haka da نقلاً عن ko بواسطة, kuma ɗalibai kan ce an ɗauko ne da wasiɗa. Hanya ce halattacciya, sai dai ta lalura ce, kuma akwai aikin da dole a yi kafin a kai gare ta.

Da farko, tabbatar da cewa asalin ba ya samuwa

“Ban samu ba” da “babu shi” maganganu ne biyu, kuma ranar munaƙasha ba a haɗa su. Uzurin da ake karɓa bai wuce uku ko huɗu ba. Ko littafin ya ɓace tun zamanin da, babu kofinsa ko ɗaya da aka sani. Ko yana nan a rubutun hannu a wata taska, ka nemi hotonsa an hana ko an yi shiru. Ko bugunsa ya ƙare kuma babu shi a laburaren da za ka iya kaiwa. Ko kuma yana cikin harshen da ba ka ji, ba a kuwa fassara shi ba. Nisan laburare daga masauki, ko ƙuratowar ranar miƙa babi, ba sa cikin wannan lissafi.

Ɗalibin da ke Saudiyya uzurinsa ya fi na kowa ƙaranci, saboda abin da ke kusa da shi yana da yawa. Ka fara da laburaren jami'arka da Maktaba Shamila, sannan laburaren intanet na ƙasa da ake kira SDL, wanda ake shiga da lambar ɗalibi, a ciki har da rumbun Darul Manzuma na kundaye da mujallun Larabci. Idan littafi ne bugagge, duba kundin sunayen littattafai na Laburaren Ƙasa na Sarki Fahad da ke Riyad. Idan tsohon littafi ne da ake zaton ba a buga shi ba, sai a koma wajen masu bin sawun rubuce-rubucen hannu: littafin Fu'ad Sizkin na tarihin turasin Larabci, da na Burokalman, duka an mayar da su Larabci, sai kuma Cibiyar Sarki Faisal ta Bincike a Riyad. Wanda ke Madina ga laburaren Masallacin Annabi, ga kuma taskokin waƙafi na Sarki Abdul'aziz inda aka ajiye littattafan Arif Hikmat. Ka riƙa nema da sunan marubucin ta fuskoki daban-daban, da alkunya da laƙabi da nisba, domin tsofaffin littattafai sukan zo da suna fiye da ɗaya, kuma sau da yawa abin da aka ce ya ɓace yana nan ƙarƙashin wani take.

Duk inda ka duba, rubuta shi a takarda guda tare da kwanan wata. Idan mai duba aikinka ya ce me ya hana ka koma ga asali, wannan takarda ce amsarka.

Misali guda daga farko zuwa ƙarshe

A ce ɗalibin tarihi yana rubutu a kan shigar Musulunci ƙasar Nuba, yana son ya nuna cewa akwai Musulmi mazauna Soba, babban birnin daular Alwa, kusa da inda Khartum take a yau. A wani littafi na zamani ya ga an ce Ibn Sulaim al-Aswani ya siffanta birnin da kyawawan gine-gine da coci-coci masu yawan zinariya da lambuna, kuma ya ce akwai wani ribaɗi a cikinsa da jama'ar Musulmi suke zaune.

Ibn Sulaim mutum ne da Jauhar as-Siƙilli ya aika wurin sarkin Nuba a Dongola bayan Faɗimiyyawa sun ci Masar a shekarar 358 ta Hijira, wato 969 Miladiyya. Ya rubuta littafi a kan labaran Nuba da Muƙurra da Alwa da Buja da kogin Nilu. Littafin nan ya ɓace. Abin da ya rage daga cikinsa guntaye ne da marubutan baya suka kwafa, kuma mafi tsawonsu suna cikin Al-Mawa'iz wal-I'tibar, littafin da aka fi sani da Khiɗaɗ na Maƙrizi, wanda ya rasu a 845 ta Hijira, 1442 Miladiyya. To ka ga a nan uzurin ya tabbata, babu wanda zai ce wa ɗalibin ya kawo littafin Ibn Sulaim.

Amma a nan ne da yawa suke tsayawa tun ba su isa ba. Ɗalibin yana riƙe da littafin zamani, marubucin zamanin ya ɗauko daga Maƙrizi, Maƙrizi ya ɗauko daga Ibn Sulaim. Hannu uku ke nan. Ɓacewar littafin Ibn Sulaim ba ta ba shi izinin tsayawa a hannu na uku ba, tunda Khiɗaɗ bugagge ne, yana nan a kowane laburare na jami'a. Ƙa'idar ita ce ka hau sama har sai tsanin ya ƙare, ka ɗauko daga mafi kusa da asali cikin waɗanda suke samuwa. Saboda haka mataki na biyu shi ne ya buɗe Khiɗaɗ da kansa, ya nemo babin da ke magana a kan ƙasar Alwa.

Da ya buɗe, sai ya zaɓi bugu guda ya tsaya a kansa. Khiɗaɗ yana da tsohon bugun Bulaƙ na 1270 ta Hijira mai juzu'i biyu, yana da bugun Bairut, yana kuma da tahƙiƙin Aiman Fu'ad Sayyid da Mu'assasar Furƙan ta fitar a Landan. Lambobin shafukansu ba ɗaya ba ne. Wanda ya kwafi juzu'i da shafi daga hashiyar wani, sannan ya rubuta wani bugu daban a jerin manazartansa, ya tona wa kansa asiri, domin malamin da ya buɗe wannan shafi zai tarar ana maganar wani abu can daban. Ta nan aka fi kama masu kwafen hashiya. Kuma idan a Shamila ka karanta, ka gwada shafin da hoton littafin bugagge kafin ka rubuta lamba, ko da an ce lambobin sun dace da na bugu.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi cin lokaci, kuma shi ne ainihin aikin: gano inda maganar Ibn Sulaim ta fara da inda ta ƙare. Marubutan zamanin baya ba su da alamun zance irin namu. Sukan buɗe da قال, wani lokaci su rufe da انتهى, wani lokaci kuma ba sa rufewa sam, sai kawai maganarsu ta ci gaba a manne da ta wanda suka ambata. Baka-biyu da kake gani a bugun zamani, mai tahƙiƙi ne ya sa su bisa fahimtarsa, ba marubucin ba. Don haka ka koma baya daga jimlar da kake so har sai ka ga wurin da aka ambaci sunan mai maganar, ka kuma ci gaba da karantawa har ka ga alamar an sauya baki. Alamun sauyin sukan fito fili idan an lura: a ambaci wani sarki ko wani al'amari da ya zo bayan rasuwar mai maganar asali, ko a ce قلت, ko a kawo sunan wani marubuci. Idan sakin layin da ake jingina wa mutumin ƙarni na huɗu na Hijira ya ambaci abin da ya faru a zamanin Mamalik, to wannan yanki ba nasa ba ne. Haka nan ka duba ko mai ɗaukowar ya ce ya taƙaita, da kalma irin ملخصاً ko بتصرف. Idan ya faɗi haka, ba ka da ikon sa maganar cikin alamun zance ka ce lafazin mai asali ne. Ma'anarsa ce, a bakin wani.

Mataki na huɗu, nemi shaida ta biyu. Littafin da ya ɓace ba kasafai mutum ɗaya kaɗai yake kwafa daga cikinsa ba. Idan ka sami wani marubucin da ya kawo wannan yanki, ka jera su biyun ka gwada. In sun dace, hujjarka ta ƙara nauyi, amma da sharaɗin na biyun ba daga na farkon ya kwafa ba. Wanda ya zo bayan Maƙrizi ya kawo daidai guntayen da Maƙrizi ya kawo, ba ƙari ba ragi, akwai alamar daga Khiɗaɗ ya ɗauka, kuma shaidarsu ta zama ɗaya. In kuwa sun saɓa, ka faɗi saɓanin a hashiya, kada ka zaɓi wanda ya fi yi maka daɗi ka yi shiru a kan ɗayan.

Sai rubutawa. A cikin matanin, jimlar da kanta ta nuna hanyar: “Ibn Sulaim al-Aswani, kamar yadda Maƙrizi ya naƙalto daga littafinsa da ya ɓace, ya ambaci ribaɗin Musulmi a Soba.” A hashiya kuma, da tsarin da aka saba a kulliyoyin Larabci, sai a rubuta kamar haka, a cike gurbin juzu'i da shafi daga bugun da ke hannunka:

```
ابن سليم الأسواني، أخبار النوبة (مفقود)، نقلاً عن:
المقريزي، المواعظ والاعتبار، ج...، ص...
```

A jerin manazarta na ƙarshen kundi, Maƙrizi ne zai shiga da cikakken bayanin bugunsa. Ibn Sulaim ba zai shiga a matsayin littafin da ka karanta ba. Marubucin zamanin da ya fara nuna maka hanya kuwa, idan ka ɗauki wani sharhi ko fahimta tasa, ka ambace shi a kan wannan. Idan kuma shi ne ya tono wani nassi mai wuyar samu da ba za ka taɓa kaiwa gare shi ba sai ta dalilinsa, ladabi ne ka ce shi ya shiryar da kai, ko da daga baya ka je ka gani da idonka.

Ga masu rubutu da Turanci

Ɗaliban ilimin tarbiyya galibi da tsarin APA suke aiki. Bugu na bakwai na wannan tsari ya ce a ambaci mai asali da shekararsa idan an san ta, sannan wanda aka karanta:

```
(Rabbitt, 1982, as cited in Lyon et al., 2014)
```

Na biyun ne kaɗai ke shiga jerin manazarta, kuma idan ba a san shekarar asalin ba sai a bar ta. Tsarin MLA yana amfani da `qtd. in`. Tsarin Chicago mai hashiya yana amfani da `quoted in`, kuma shi yana son a kawo bayanin littattafan biyu. Duk da haka, littafin jagorar rubuta kundi na kulliyarka shi ne gaba da duk waɗannan, a can za ka fara dubawa.

Abu guda da ake yawan ruɗewa a kansa: fassara ba wasiɗa ba ce a wannan ma'ana. Idan ka karanta cikakken littafi a fassararsa, ka ambaci marubucin da mai fassara da bugun fassarar, shi ke nan. Abin da ba ya halatta shi ne ka karanta fassara ka rubuta shafin asalin da ba ka buɗe ba.

Me ya sa ba a son ya yawaita

Dalili na farko shi ne mai ɗaukowa zaɓa yake yi. Ya buɗe littafin ne don bukatarsa, ya yanki abin da ya shafe shi, ya bar saura. Maƙrizi tarihin Masar da wurarenta yake rubutawa, abin da ya ga ya dace da wannan aiki shi ya kwafa daga Ibn Sulaim. Saboda haka ɗalibinmu zai iya cewa Ibn Sulaim ya ambaci abu kaza, amma ba zai taɓa iya cewa “Ibn Sulaim bai ambaci kaza ba”, domin bai ga littafin gaba ɗaya ba. Wannan kuskure yana shiga kundaye a ɓoye, kuma yana da haɗari, don hujja ce aka gina a kan shirun da wataƙila na mai kwafa ne.

Misalin da kowane ɗalibin shari'a ya sani shi ne Sirar Ibn Ishaƙ, wadda mafi yawan mutane ta hannun Ibn Hisham suke karanta ta. Ibn Hisham ya faɗa da bakinsa a farkon littafin cewa ya bar wasu abubuwa, ciki har da waƙoƙin da masana waƙa ba su san su ba, da labaran da ba su shafi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Ɗabari kuma ya kawo wasu ruwayoyin Ibn Ishaƙ ta wata hanya daban waɗanda babu su a wurin Ibn Hisham. Shi Ibn Hisham amintacce ne kuma ya sanar da abin da ya yi. Yawancin masu ɗaukowa ba sa sanarwa.

Dalili na biyu, sharaɗi yana zubewa a hanya. Malami zai ce abu ya halatta idan kaza da kaza sun cika, mai taƙaitawa ya kawo halaccin ya bar sharaɗin. Ko malamin ya kawo ra'ayin abokin jayayyarsa ne don ya rushe shi a shafi na gaba, wani ya tsinci ra'ayin ya jingina masa. Ko magana ce da ya faɗa da farko ya janye daga baya. Babu ɗaya cikin waɗannan da za ka iya ganewa daga jimla guda da aka yanko maka, sai ka ga abin da ke gabanta da bayanta.

Wannan ba matsalar tsofaffin littattafai kaɗai ba ce. A 1980 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga wata gajeriyar wasiƙa mai jimla biyar daga Jane Porter da Hershel Jick. Sun ce cikin marasa lafiya 11,882 da aka ba magungunan kashe zafi masu sa maye, mutum huɗu kawai aka samu shaidar sun kamu da jarabar maganin. Amma waɗannan mutane ne da ke kwance a asibiti, ana ba su magani ƙarƙashin kulawa. Wasiƙar ba ta yi magana a kan wanda zai riƙa shan maganin a gida wata da watanni ba. Duk da haka aka yi ta kafa hujja da ita shekara da shekaru cewa jarabar irin waɗannan magunguna ba ta cika faruwa ba. Wani bincike da aka buga a mujallar a 2017 ya ƙirga rubuce-rubuce 608 da suka ambaci wasiƙar, ya tarar kusan kashi 81 cikin 100 ba su faɗi cewa marasa lafiyar na kwance a asibiti ba ne. Karanta wasiƙar ba ya cin minti biyu, kuma sharaɗin da aka zubar yana nan a rubuce cikinta.

Dalili na uku ya shafi kai kanka. Kuskuren wanda ka ɗauko daga wurinsa, idan ka ambace shi, nasa ne, kai ka sauke nauyi gwargwado. Idan ka ɓoye shi, kuskuren ya zama naka, har da kuren ɗab'i: shekarar da ya rubuta ba daidai ba, sunan da ya tuntsurar, kalmar da ɗigo ɗaya ya sauya mata ma'ana. Malaman da suka daɗe suna duba kundaye sun san irin waɗannan kurakurai masu yawo daga littafi zuwa littafi, kuma da sun ga ɗaya a aikinka sun san daga inda ka kwafo.

Babu wani adadi da aka yanke cewa wasiɗa nawa ce ta halatta a kundi, kuma bai kamata a yanke ba, don fannoni sun bambanta. Mai rubutu a kan ra'ayoyin malamin da duk littattafansa suka ɓace, kusan kowace hashiya tasa da wasiɗa za ta zo, kuma ba laifi, sai dai ya bayyana haka a gabatarwa ya faɗi waɗanda ya dogara da su. Mai rubutu a kan mas'alar fiƙihu daga littattafan mazhabobi huɗu kuwa, ko mai neman hadisin da ke cikin littattafai shida, wasiɗa ko ɗaya abin tambaya ce a kansa. A ganinmu ma'aunin da ya fi amfani shi ne nauyin da maganar take ɗauke da shi. Idan ƙarin bayani ce a gefe, ambaton wasiɗa ya wadatar. Idan kuwa ita ce ginshiƙin babi, ta yadda in ta faɗi sakamakon binciken zai faɗi, to sai ka nemo mata madogara ta daban, ko ka sassauta lafazinka zuwa “an naƙalto daga gare shi”, ka daina cewa “ya tabbatar”.

Tun lokacin tattara bayanai ake kauce wa yawancin wannan rikici. A katin bayani ko a fayil ɗinka, ka ware gurbi guda da zai nuna ko ka ga asalin ko ta hannun wani ka samu, kuma ka cike shi a daidai lokacin da kake kwafa, domin bayan wata shida ba za ka tuna ba. Kafin ka miƙa kundin, ka bincika fayil ɗin da kalmar نقلاً ko `as cited in`, ka sake neman kowane asali sau ɗaya, saboda ana ta fitar da sababbin tahƙiƙai kuma ana ɗora hotunan rubuce-rubucen hannu a intanet, abin da babu shi a shekararka ta farko yana iya samuwa a ta uku. Wanda ka samu, ka buɗe shi, ka gwada lafazin, ka gyara hashiyar zuwa asalin, sannan ka sa shi a jerin manazarta.